Darasi: Yadda Ake Siffanta Karin Waƙa Idan Kalmominta Sun Ɓace

Yakan faru mutum ya ji waƙa a rediyo ko a wajen biki, bayan kwana biyu ta riƙa yawo a kansa, amma ko kalma ɗaya daga cikinta ba ta tsaya masa ba. Idan ya je wurin masu tura waƙoƙi a waya, ko wurin wani tsohon makaɗi, ya ce yana neman wata waƙa mai daɗi mai ɗan sanyi, ba wanda zai iya taimaka masa, domin waƙoƙi dubbai sun amsa wannan siffa. A wannan darasi za ka koyi yadda za ka raba abin da ya rage a kanka gida uku, ka auna kowanne, ka rubuta shi a takarda yadda wani zai karanta ya gane. Abubuwan uku su ne saurin kiɗan, da jerin dogaye da gajerun sautuka, da hawa da saukar murya. Ba a buƙatar ka iya kiɗa. Agogo mai nuna daƙiƙa da fensir da takarda sun wadatar.

Kafin komai, rera abin da ka tuna da baki rufe ko da fito, ka ɗauka a wayarka idan kana da ita. Yi wannan kafin ka tambayi kowa. Da zarar ka fara tambaya, mutane za su riƙa rera maka wasu waƙoƙin suna cewa ko wannan ce, kuma bayan ta uku ko ta huɗu sai ka tarar taka ta cakuɗe da tasu, ba ka ƙara sanin wace ce ta asali ba.

Wane yanki za a siffanta

Wannan zaɓi ya fi duk aune-aunen da za su biyo baya muhimmanci, musamman a waƙar baka ta Hausa. Jagora yana sauya kalmomi daga ɗan waƙa zuwa ɗan waƙa, kuma tun da Hausa harshe ne mai karin sauti, muryarsa takan lanƙwasa ta bi kalmomin. Faɗi "riga", za ka ji muryarka ta taso daga ƙasa zuwa sama. Faɗi "doki", za ka ji ta sauko. Mawaƙin da ya saka "doki" a gurbin da ɗazu ya saka "riga", sau da yawa zai ɗan sauya hawa da saukar wurin, don kada kalmar ta fita kamar baƙo ne ya faɗe ta. Ke nan ɗiyan waƙa ba su da tsayayyen kari guda. Idan ka siffanta ɗa na uku, wanda kake tambaya kuma ɗa na farko ya riƙe, kuna iya saɓawa alhali waƙa ɗaya kuke nufi.

Abin da ba ya sauyawa shi ne gindin waƙa, wato abin da 'yan amshi suke maimaitawa, da kuma zagayen kiɗan da ke tafiya a ƙarƙashi. Don haka zaɓi amshin, ko taken da kalangu ko goge yake ta komawa gare shi. Da ma shi ne yakan maƙale a kai. Ɗauki gaɓar numfashi guda kawai, daga inda masu amshi suka buɗe baki zuwa inda suka tsaya shan iska. Yawanci wannan ba ya wuce sautuka takwas zuwa goma sha shida.

Auna sauri

Rera yankin, ka bar ƙafarka ta riƙa taka ƙasa da kanta kamar kana tsaye a gefen fili kana kallon rawa. Wannan takun da ke zuwa daidai wa daida, ba ya gaggawa ba ya jinkiri, shi muke kira bugu. Kada ka tafa kowane sauti na waƙar, bugun kawai ake so. Idan ya zauna, dubi agogo ka ƙirga bugu nawa suka shiga daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Abin da ya fito shi ne adadin bugu a minti ɗaya, kuma da wannan ma'auni makaɗa a ko'ina suke faɗin saurin kiɗa. Bugun da ya zo daidai da fara duba agogo ka kira shi sifiri, na bayansa ne ɗaya. Lura cewa kuskuren bugu ɗaya a daƙiƙa 15 yakan zama huɗu bayan ninkawa, saboda haka idan kana son ƙarin daidaito ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu.

Don ka san inda lambarka ta faɗa: bugu 60 a minti shi ne tafiyar daƙiƙar agogo kanta. Zuciyar babban mutum da ke zaune yana hutawa takan buga tsakanin 60 da 100. Macin sojoji da 'yan sanda a fareti yakan kai wajen 120.

Wani zai ce ta yaya za a amince da saurin da ke cikin kai, tun da ba waƙar ake saurare ba. Amsar ita ce ƙwaƙwalwa tana riƙe sauri fiye da yadda ake zato. A 1996 masu bincike biyu, Daniel Levitin da Perry Cook, sun sa mutane su rera waƙoƙin da suka saba ji, daga ka, sannan suka gwada da na faifai. Mafi yawansu, kusan kashi 72 cikin ɗari na rerawar, ba su kauce wa saurin asali da fiye da kashi 8 cikin ɗari ba. Sai dai waɗannan waƙoƙi ne da suka ji sau da yawa. Wadda ka ji sau ɗaya tak, ka ba lambarka ɗan sarari.

Babban kuskure a nan shi ne ninki ko rabi. Mutum biyu za su saurari kiɗa ɗaya, wannan ya ce 54, wancan ya ce 108, kuma ba wanda ya yi ƙarya: ɗaya yana bin gyaɗa kai ne, ɗaya yana bin tafi. Idan lambarka ta haura 180 ko ta gaza 50, akwai alamar ka faɗa wannan rami. Maganinsa shi ne ka rubuta abin da ka ƙirga, ka ce "108, takun ƙafa", sa'annan ka ƙara da bugu nawa ne a cikin yankin gaba ɗaya. Da waɗannan biyu mai karatu zai iya gano ma'auninka ko da nasa daban ne.

Tambaya ɗaya ta rage game da bugu. Kowane bugu gida biyu yake rabuwa ko gida uku? Ci gaba da taka ƙafa, ka gwada cewa "ta-ta" a cikin kowane taku, sannan ka gwada "ta-ta-ta". Ɗaya zai zauna daram a kan waƙar, ɗayan zai riƙa tuntuɓe. Kiɗe-kiɗen Afirka ta Yamma da dama suna raba bugu uku, wasu ma suna haɗa biyun a lokaci guda, ƙafa na tafiya da bibbiyu hannu na tafiya da uku-uku. Idan ka ji duka biyun sun zauna, rubuta hakan, domin shi kansa alama ce mai rage yawan waƙoƙin da za a zarga.

Dogo da gajere

Nan mai jin Hausa yana da riba da ya samu tun yana goye. Kunnenka ya riga ya saba bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kuma a kan wannan bambanci marubuta waƙoƙin Hausa suke auna baitocinsu. "Ruwa" gajere ne da dogo. "Rana" dogo biyu ne. "Tafiya" gajere biyu ne da dogo. "Kasuwa" dogo ne da gajere da dogo. Wannan kunne shi za ka juya kan waƙar.

Rera yankin da "ta" a kan kowane gajeren sauti, da "tan" a kan kowane dogo. Rage sauri sosai, har ka iya rubuta G ga gajere, D ga dogo. A ƙa'idarmu D ɗaya daidai yake da G biyu, kuma idan bugu gida biyu yake rabuwa, D bugu ɗaya ne, G rabin bugu. Idan sauti ya ja fiye da haka, kamar yadda na ƙarshe yakan yi, rubuta D ka sa lambar bugun da ya cinye a gefensa. Idan akwai wurin da aka yi shiru, sa ɗigo, domin shirun ma yana cin lokaci, kuma masu koyo sun fi mantawa da shi.

Akwai hanyar gane ko ka yi daidai. Tara tsawon haruffan duka, ka gani ko ya yi daidai da adadin bugun da ƙafarka ta ƙirga. Idan ƙafa ta ce takwas, takarda ta ce bakwai da rabi, to wani G ya ɓace, ko kuma waƙar ba a kan bugu take farawa ba. Waƙoƙi da yawa suna shigowa da ɗan gajeren sauti kafin ƙafa ta sauka. Duba wannan da kyau: a kan sautin farko ƙafarka take sauka, ko a kan na biyu? Ja layi a ƙarƙashin harafin da ya zo tare da takun farko.

Hawa da sauka

A 1975 wani Baturen Ingila mai suna Denys Parsons ya fitar da littafin da ya jera karin waƙoƙi da kiɗe-kiɗe wajen 15,000, ba bisa sunayensu ba, bisa hawa da saukarsu. Dabararsa mai sauƙi ce. Sautin farko ana sa masa tauraro. Kowane sauti na gaba kuma ana gwada shi da wanda ya gabace shi kawai: ya fi shi sama, ya fi shi ƙasa, ko daidai suke. Shi ya yi amfani da haruffan U da D da R. Mu za mu sa S ga sama, Ƙ ga ƙasa, M ga maimaici, don kada D ɗinsa ya rikice da namu na dogo.

Amfanin dabarar shi ne ba ta damu da inda ka fara ba. Dattijo mai kakkaurar murya da yarinya mai siririyar murya za su rera amshi ɗaya, ɗaya a ƙasa ɗaya can sama, amma haruffan da za su fito iri ɗaya ne. Ba ta kuma damu ko muryarka tana kaucewa kaɗan ba, muddin ka san inda aka hau da inda aka sauka. Ga shi kuma tana tace waƙoƙi da sauri. Kowane gurbi yana da zaɓi uku, don haka haruffa takwas suna iya jeruwa ta hanyoyi 6,561.

Wahalar tana wurin jin bambancin, kuma abin da ya fi rikita masu koyo shi ne ƙarfi da tsayi. Idan muka ce wani ya ɗaga murya, yawanci ƙara muke nufi. Amma sauti yana iya yin ƙara bai hau ba, yana iya hawa kuma a hankali. Tuna da mai kalangu. Idan ya ƙara ƙarfin dukan, ƙara ce ta ƙaru. Idan ya matse tsarkiya a hammatarsa, fatar ta ɗaure, sautin ya sirance, wannan ne hawa. Idan ya saki, sautin ya yi kauri, wannan ne sauka. Don ka raba su a bakinka, rera yankin duka da murya ƙasa-ƙasa, ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe. Ɗora yatsa a kan maƙogwaronka. Ga yawancin mutane yakan ɗan motsa sama idan murya ta hau, ya koma idan ta sauka.

Idan sautuka biyu sun gagare ka, ware su kaɗai, ka ja kowanne, ka gwada su da kalmomin nan uku. Idan sun yi kama da "riga", S ne. Idan "doki", Ƙ ne. Idan "gida", M ne. Sai kuma batun kwalliyar murya. Mawaƙi yakan karkaɗa murya ko ya zame daga wannan sauti zuwa wancan, mai goge da mai algaita ma haka. Kada ka rubuta kowace karkarwa. Tambayi kanka inda taron mata masu amshi za su tsayar da muryarsu idan su ashirin ne suke rerawa tare, wannan wurin ne sautin.

Haruffan suna da iyaka guda da ya kamata ka cike da baki. Ba sa faɗin girman hawan. Ɗauki sautukan kamar matakan tsani: S yana iya zama taka mataki ɗaya, yana iya zama tsallake biyu. Don haka sa alama a kan harafin da ka ji an yi tsalle. Ƙara da abu biyu: a sauti na nawa aka kai ƙololuwa, kuma ƙarshen ya fi farkon ƙasa ne ko sama. A ganina, ga waƙar Hausa wuraren hawa sun fi wuraren sauka amfani. Jimlar Hausa da ma gangarowa take yi daga farko zuwa ƙarshe, waƙoƙi masu yawa kuma haka suke, su faro sama su sauko. Cewa "tana saukowa" bai ware komai ba. Inda ta saɓa, ta koma sama a tsakiyar gangara, nan ne shaidarta.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Karin da ke cikin wannan misali an ƙaga shi ne don darasin. A ce wata ɗaliba ta ji amshi a gidan biki, mata suna kiɗan ƙwarya. Ta rera ta ɗauka a waya. Ta taka ƙafa ta ƙirga 27 a daƙiƙa 15, ta ninka huɗu ta sami 108. "Ta-ta" ne ya zauna, don haka bugun biyu yake rabuwa. Daga buɗe baki zuwa shan iska ƙafarta ta taka sau takwas.

Da ta rage sauri sai ta ji ta-ta-tan, ta-ta-tan, tan, tan, sannan dogon ƙarshe. Ta rubuta:

G G D, G G D, D D, D2

Ta tara: kowane G G D bugu biyu ne, sau biyu ya zama huɗu, D D ya kai shida, na ƙarshe mai bugu biyu ya cika takwas. Lissafi ya yi daidai da ƙafa. Da farko ta rubuta D na ƙarshe ba lamba, ta sami bakwai, wannan giɓin ne ya nuna mata cewa ana jan sautin. Ta sake gwadawa ta wata hanya. Bugu takwas a saurin 108 suna cin daƙiƙa huɗu da rabi, kusan. Ta rera amshin tana maimaitawa na rabin minti, ya zagayo sau bakwai saura kaɗan. Ya dace.

Sautukan tara ne, don haka tana neman tauraro da haruffa takwas. Na biyu daidai yake da na farko. Na uku ya yi tsalle sama. Na huɗu ya tsaya a nan. Na biyar da na shida da na bakwai suna saukowa ɗaya bayan ɗaya. Na takwas ya ba ta wuya, domin an fi buga ƙwarya da ƙarfi a kansa, ta rasa ko ƙara ce ko hawa. Ta ware na bakwai da na takwas ta ja su a hankali, sai ta ji "riga". Na tara ya faɗi ƙasa da kowa. Ta rubuta:

* M S M Ƙ Ƙ Ƙ S Ƙ

Idan kana son jin karin, ba matakan tsani lamba daga 1 a ƙasa zuwa 5 a sama, ka rera 3 3 5, 5 4 3, 2 3, 1. Gwada lambobin da haruffan, za ka ga sun yi daidai ɗaya bayan ɗaya.

Da wannan takarda ta je wurin wata tsohuwa da ta daɗe tana amshi a unguwarsu. Ba haruffa ta karanta mata ba, fassara su ta yi da baki da hannu.

"Inna, amshi ne na kiɗan ƙwarya. Saurinsa bai kai macin soja ba, ya ɗan gaza. Ga tafinsa." Ta tafa mata. "Yana hawa da wuri, a sauti na uku, ya gangaro, sai ya ɗan ɗago kafin ya faɗi."

"Sake tafa min, 'yar nan. Wannan ɗagowar ta kusa da ƙarshe, a kan dogon take ko a kan gajeren?"

"A kan dogon, Inna."

Tambayar tsohuwar ta nuna dalilin rubuta layukan biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, kowane harafin hawa yana daidai da harafin tsawonsa. Waƙoƙi biyu suna iya yin tarayya a hawa da sauka su bambanta a tafi, ko su yi tarayya a tafi su bambanta a hawa. Da wuya su haɗu a duka biyun har da sauri, sai in ɗaya ta ari karin ɗaya, wanda kuwa yana faruwa, musamman a waƙoƙin biki da na siyasa, inda ake ɗora sababbin kalmomi a kan tsohon kari. Idan haka ta faru za a kawo maka waƙa biyu ko uku, sai sauran bayanai su raba gardama.

Mafi ƙarfin waɗannan bayanai shi ne abin kiɗa. Wanda ya ce ya ji kuntigi, za a fara tunanin Ɗan Maraya Jos. Kalangu da amshin maza zai kai hankali ga Mamman Shata da masu bin salonsa, kotso ga makaɗan fada irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, ƙwarya da muryoyin mata ga su Barmani Choge. Rubuta kuma inda ka ji ta, da shekarar da kake zato, da ko muryar namiji ce ko ta mace.

Aiki

1. Zaɓi amshin waƙar da kowa a ajinku ya sani. Kada ka faɗi sunanta. Auna saurinta sau biyu, da daƙiƙa 15 da kuma daƙiƙa 30, ka rubuta lambobin biyu.

2. Rubuta layin G da D, ka tara shi ka gwada da adadin bugu. Idan bai yi daidai ba, nemo inda giɓin yake kafin ka ci gaba.

3. Rubuta layin S, Ƙ da M a ƙarƙashinsa, ka sa alama a kan tsalle da ƙololuwa.

4. Mayar da waɗannan lambobi zuwa haruffa: 2 4 4 3 5 3 2 2 1. Haruffa nawa ka samu bayan tauraro, kuma a sauti na nawa ƙololuwa take?

5. Ba abokin zamanka takardarka ta aiki na 1 zuwa na 3, ba tare da ka rera masa komai ba. Idan ya gano waƙar, tambaye shi wane layi ne ya fi taimaka masa. Idan bai gano ba, ku rera ta tare a hankali, ku nemo harafin da ya kauce, ku zo da takardun biyu a zama na gaba.